Kiriyatin da ɗan ƙwallo: me yake ƙarawa a fili?

Ɗan ƙwallo yakan ci kilomita 10 ko fiye a wasa guda, amma yawancinsu tafiya ce da sassarfa. Abin da ke raba gardama shi ne gajeren gudun nan na daƙiƙa 2 zuwa 4, inda ɗan wasan gefe zai tsere wa mai tsaron baya, ya dawo tsaro, a sake jefa masa ƙwallo kafin numfashinsa ya daidaita.

Irin wannan gudu yana dogara ne da wani sinadari da tsoka ke ajiyewa, wato fosfokiriyatin. Ajiyar kaɗan ce, gudun iya ƙarfi na kamar daƙiƙa 10 yana cinye yawancinta, kuma sai an yi 'yan mintuna kafin ta sake cika. Shi ya sa gudu na biyar a jere ba ya kai na farko kaifi. Jiki na haɗa kusan giram 1 na kiriyatin kullum, nama da kifi su ƙara wani abu. Garin kiriyatin da ake sayarwa yana ƙara wannan ajiya da misalin kashi 20 cikin 100. A shekarar 2000, Iñigo Mujika da abokan aikinsa sun gwada shi a kan 'yan ƙwallo a Sifen, suka ga gajeren gudun da ake maimaitawa ya ɗan inganta, amma juriyar dogon gudu ba ta ƙaru ba. Wanda ke haki tun minti na 60, atisaye yake buƙata.

A ɗauki ɗan wasa mai nauyin kilo 70. Zai iya shan giram 5 sau huɗu a rana har kwana 5 zuwa 7, sannan ya koma giram 3 zuwa 5 kullum. Ko kuma ya riƙe giram 3 tun farko, ajiyar ta cika cikin mako huɗu. Ni na fi son hanya ta biyu, domin ta farko takan jawo murɗar ciki, kuma nauyi yakan tashi da kilo 1 zuwa 2 cikin mako guda saboda ruwan da tsoka ke riƙewa. Wannan nauyi shi zai ɗauka tsawon minti 90, don haka a fara lokacin hutun gasa, a riƙa hawa sikeli da safe, a auna gudun mita 15 sau shida kafin farawa da bayan wata guda. Idan nauyi ya hau amma gudu bai motsa ba, a bari. Akwai waɗanda ajiyarsu a cike take tun asali, musamman masu yawan cin nama.

Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ba ta haramta kiriyatin ba, sai dai wasu garin da ke kasuwa gauraye suke da haramtattun sinadarai. A nemi nau'in monohaidiret zalla wanda aka tantance. Mai ciwon ƙoda kuwa, da yaron da bai kai shekara 18 ba, kada su taɓa shi sai da izinin likita.