No issues found ko Issues found: Yadda ake karanta sakamakon binciken YouTube kafin a saki bidiyo

Yawanci wanda ya ɗora bidiyo a YouTube Studio ta kwamfuta zai bi matakai huɗu: Details, Video elements, Checks, sai Visibility. Na ukun, wanda YouTube ya ƙara a shekarar 2021, shi ne mutane suka fi tsallakewa da gaggawa. Wasu da sun ga No issues found sai su ɗauka an wanke su har abada. Wasu kuma da sun ga Issues found sai gabansu ya faɗi, su goge bidiyon. Duka biyun ba su karanta sakamakon daidai ba.

Me ake bincikawa?

Abu biyu ne. Na farko haƙƙin mallaka: tsarin Content ID yana kwatanta sauti da hoton bidiyon da waƙoƙi da finafinan da masu su suka yi wa rajista a rumbunsa. Wannan yakan kammala cikin 'yan mintuna. Na biyu dacewa da talla, kuma waɗanda tasharsu ta fara samun kuɗi ne kaɗai ke ganinsa. Ana iya sakin bidiyo tun binciken bai ƙare ba, sai dai in matsala ta fito daga baya, za ta same shi yana gaban jama'a.

Idan ya ce No issues found

Ma'anarsa ita ce a wannan lokacin na'ura ba ta ga abin da ya yi daidai da na rumbunta ba. Bai ce mutum yana da izinin waƙar ba. Mawaƙin da bai yi wa waƙarsa rajista ba yau, yana iya ba kamfanin rarraba waƙoƙi ita bayan wata shida, sai da'awa ta sauka a kan tsohon bidiyo. Mai haƙƙi kuma yana iya ganin bidiyon da idonsa ya nemi a cire shi. Wannan ne ke jawo gargaɗin da ake kira copyright strike, wanda guda uku ke iya rufe tasha.

Idan ya ce an sami matsala

A ce wani matashi ya ɗauki bidiyon biki mai minti 8. Daga 2:10 zuwa 2:55 ana jin waƙar da mai sa kiɗa ya kunna lokacin shigowar amarya. Bincike ya nuna matsala, sai ya danna See details. A nan zai ga sunan waƙar, da daƙiƙu 45 ɗin da abin ya shafa, da kuma tasirin da'awar a kan bidiyon. Tasirin shi ne abin dubawa.

Mai waƙar yana da zaɓi uku. Zai iya barin bidiyon ya karɓi kuɗin tallansa, ko ya bar shi yana bibiyar yawan masu kallo kawai, ko ya toshe shi a duniya baki ɗaya ko a wasu ƙasashe. Idan na farko ne kuma matashin don dangi ya ɗora, yana iya saki a haka, domin da'awar Content ID ba gargaɗi ba ce, ba ta taɓa lafiyar tasha. Idan kuwa kuɗi yake nema, ko an toshe bidiyon, sai ya gyara: ya yanke wajen da Trim out segment, ko ya sauya waƙar da Replace song, ko ya kashe sautin wajen. Yankewa zai tafi da shigowar amarya, kashe sauti ko sauya waƙar kuma zai iya tafiya da guɗa da hirar mutane.

Akwai kuma Dispute, wato ƙalubalantar da'awar, kuma mai ita yana da kwana 30 ya amsa. Amma sai da hujja, kamar lasisi ko mallakar waƙar. Rubuta sunan mawaƙi a ƙarƙashin bidiyo, ko cewa an sayi waƙar, ba hujja ba ce. Wanda ya nace ba tare da hujja ba yana iya mayar da da'awa mara illa ta koma gargaɗi.

Masu yin Shorts su lura: wanda ya wuce minti 1 kuma yake da da'awa a kansa, toshe shi ake yi, ko da wane zaɓi mai waƙar ya yi.

Idan matsalar ta talla ce, alamar dala za ta koma ruwan ɗorawa, ma'ana talla kaɗan ko babu. Wanda yake ganin na'ura ta yi kuskure sai ya danna Request review, mutum ya duba.

Ga mai ɗorawa ta waya

Hanya mafi aminci ita ce a ɗora bidiyon a Private ko Unlisted, a jira, sannan a buɗe manhajar YouTube Studio a duba ko an sa masa wani takunkumi. In babu, sai a mayar da shi Public. In akwai, gyaran ya fi sauƙi a studio.youtube.com, tun kafin kowa ya kalla.