Amsa Tambayar Shari'a a Jarrabawa: Misalin Sa Ɗan Sata a Kasuwar Maigatari

A tsangayoyin koyar da aikin lauya akwai nau'in tambaya da ake ba ɗalibi labari, a ce ya ba wani daga cikin masu rikicin shawara. Ana amsa ta da matakai huɗu: fito da matsala, kawo ƙa'ida, ɗora ƙa'idar a kan labarin, sannan yanke matsaya. Mataki na uku shi ne mai ɗauke da mafi yawan maki, kuma a nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe.

Ga misali. An sace wa wani makiyayi sa a ƙasar Gagarawa daren Talata. Ranar Alhamis, wadda ita ce ranar kasuwar Maigatari, wani baƙo ya shigar da san kara da hantsi. Wani manomi daga Gumel ya saya ta hannun dillali a kan naira dubu 400, alhali irinsa na kai dubu 700. Bayan mako biyu makiyayin ya gane sansa. Tambaya ta ce a ba shi shawara bisa Dokar Sayar da Kaya ta 1893, wadda Nijeriya ta gada daga Ingila.

Ɗalibi mai gaggawa zai ce matsalar ita ce sata, ya shiga zayyana hukuncin ɓarawo. Ba abin da aka tambaya ke nan ba. Matsalar jimla ɗaya ce: shin mallakar san ta koma ga manomin, duk da cewa wanda ya sayar masa ba mai shi ba ne?

Ƙa'idar kuwa hawa biyu ce. Sashe na 21 ya tanadi cewa mai saye ba ya samun mallakar da ta fi ta wanda ya sayar masa, ɓarawo kuwa ba shi da ko ɗaya. Sai sashe na 22 ya yi togaciya: idan an sayar da kaya a buɗaɗɗiyar kasuwa, bisa al'adar kasuwar, mai saye ya mallaka, muddin ya saya da kyakkyawar niyya ba tare da sanin aibin mallakar ba.

Ɗorawa na nufin a ɗauki waɗannan sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya, a nemo wa kowanne hujjarsa a cikin labarin. Kasuwar Maigatari sananniya ce, tana ci a ranarta, kuma a kara ake cinikin shanu. An yi cinikin da hantsi, kuma wannan kalma ba ado ba ce a tambayar, domin a shari'ar Reid ta 1973 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ce kariyar ba ta shafi cinikin da aka yi kafin fitowar rana ba. Shigar dillali kuma ta dace da al'adar kara. Zuwa nan duk hujjojin suna gefen manomi.

Gardamar tana wajen niyya. Lauyan makiyayi zai ce ragin dubu 300 daga hannun mutumin da ba a sani ba ya isa ya sa mai hankali ya tsaya ya tambaya, wanda ya ƙi tambaya kuwa ya runtse ido ne da gangan. Lauyan manomi zai amsa cewa kasuwar kan iyaka ce, baƙi daga Nijar da sauran wurare na cika ta kowane mako, mai buƙatar kuɗi kan karya farashi, kuma dillali ya tsaya a kan cinikin. Zai ƙara da cewa dokar ta auna kyakkyawar niyya da gaskiyar zuciya ne, ko da an yi sakaci. Amsar da ta kawo ɓangare ɗaya kawai ta yi rabin aiki. Alamar amsa mai rauni ita ce a karanta sakin layin ɗorawa ba a ci karo da sa, ko dillali, ko farashi ba, sai maimaicin sassan doka.

Matsaya mafi ƙarfi ita ce manomin ya mallaki san, domin arha ita kaɗai ba ta tabbatar da sani ba. Sai dai shawarar ba ta ƙare ba. Sashe na 24 ya ce idan aka gurfanar da ɓarawon aka same shi da laifi, mallakar kayan tana komawa ga mai su na asali, ko da an sayar da su a buɗaɗɗiyar kasuwa. Don haka za a shawarci makiyayin ya bi ƙarar satar har a yanke hukunci.

Sauya abu ɗaya a labarin kan juya amsar. Da doki aka sace, da sashe na 22 bai yi aiki ba, domin ya ware cinikin dawaki. Da kuma tambayar ta kai rikicin gaban kotun shari'ar Musulunci, da sai a koma babin istihƙaƙi na fiƙihun Malikiyya, inda makiyayin zai karɓi sansa idan ya kawo shaidu ya yi rantsuwa, manomin kuma ya bi wanda ya sayar masa kuɗinsa.