Gaisuwar bakin shago: a tarbi mai saye ba tare da an ɗaure shi ba

Duk wanda ya ratsa layukan Kantin Kwari a Kano ya san kiran nan: "Hajiya zo nan! Alhaji me ake nema?" Wani yaron shagon har gabanka zai sha. Da yawa daga cikin masu wucewa sai su sunkuyar da kai su ƙara sauri, alhali da kuɗinsu suka fito, kuma atamfar da suke nema tana cikin shagon da suka guje wa.

Abin da ke korar su kunya ce. Bahaushe yana jin nauyin wanda ya yi masa ɗawainiya. Idan mace ta shigo, kafin ta zauna an sauko da turmi goma an baje mata, an aiki yaro ya kawo ruwan leda mai sanyi, to an ɗora mata bashi. Ko dai ta sayi abin da bai kwanta mata ba don kada a ce ta wahalar da mutane, ko ta ce "bari in zaga in dawo." 'Yan kasuwa sun san ma'anar wannan magana. Wadda ta saya don kunya kuwa, da wuya ta sake bin layin.

A ɗauka wata mata ce ta shigo ana saura wata guda salla. Ta yi sallama. Mai shago ya ajiye wayarsa, ya ɗago ya amsa sallamar cikakkiya, ya ce, "Sannu da zuwa Hajiya, bismilla, shigo daga ciki. Ya gida, ya yara?" Ita kuma ta ce, "Ya kasuwa?" ya ce, "Kasuwa da godiya." A bar gaisuwar ta kai ƙarshenta. Wanda ya katse ta a tsakiya da "me za a ba ki?" ya nuna mata cewa jakarta ya gaisar.

Tambayar nan ta "me za a ba ki?" ita ce tarkon, domin tana neman amsa daga mutumin da wataƙila bai yanke shawara ba tukuna. Gara ya nuna mata yadda shagon yake: "Atamfa tana wannan ɓangaren, leshi na sama, shadda tana can ciki. Ki duba a hankali, wanda ya yi miki ki yi magana a sauko da shi." Daga nan sai ya ja baya ya ci gaba da ninke kaya ko rubutu a littafinsa, inda za ta gan shi in ta waiwaya. Kada ya tsaya a bakin ƙofa, don mai shigowa yana son ganin hanyar fitarsa a buɗe. Kada kuma ya bi ta taku bayan taku, sai ta ɗauka zarginta ake yi.

Ita za ta nuna lokacin magana. In ta murza bakin atamfa da yatsu tana jin kaurinta, ko ta koma kan zane ɗaya karo na biyu, ko ta ɗago tana neman idonsa, sai ya matso: "A buɗe miki shi ki ga zanen sosai?" Turmi ɗaya zai buɗe, wanda ta taɓa. Kujera da ruwa ma a nan suka dace, bayan an fara zancen kaya. In kuwa ta rungume jakarta tana amsawa da "to, to" tana kallon waje, an matsa mata, sai a sassauta.

Sunan da za a kira mutum ma da nasa aikin. Dattijuwa Hajiya ce ko Mama, dattijo Alhaji ko Baba. Amma budurwa ko saurayi da aka yi ta zuba wa Hajiya da Alhaji, sukan ji kamar ana shirin tsuga musu kuɗi ne. Malama da Malam sun wadatar.

Ba kowa ake yi wa wannan doguwar shimfiɗa ba. Ɗan sari da ya taso daga Maraɗi ko Damagaram da takardar kaya a hannu, yana son ya ɗaure kayansa ya kama mota, gajeriyar gaisuwa yake so sannan a shiga lissafi. Ja baya a nan sakaci ne.

Idan matar nan ta taya aka ce albarka, ta juya za ta fita, kada a ɗaure fuska, kada a ce "duk wannan kayan da aka sauko miki?" A ce, "Ba komai Hajiya, ki zaga ki gani, muna nan. A gaida gida." A kuma dakata da mayar da kayan sama har sai ta bar bakin shagon.