Daidaituwar jimla ba ta wanke mai kwafi

A tarukan ƙungiyoyin manoman shinkafa na fadamar Haɗejiya, daga Auyo har Guri da Kirikasamma, akwai maganar da ke rufe bakin kowa: “Ai jimla ta daidaita.” Akawu ya turo hoton takardar kadarori da basussuka ta waya, sakatare ya kwafe sunaye da alƙaluma, ɓangarorin biyu sun tashi adadi ɗaya, sai a shafa fatiha. Masu wannan magana suna da hujja, domin ƙa'idar takardar ita ce dukiyar ƙungiya ta yi daidai da bashin da ake bin ta haɗe da jarin mambobi. Sai dai ina roƙon dattawanmu su ba ni aron kunne, don hujjar ba ta kai inda ake kai ta ba.

Mu ƙaddara wata ƙungiya ce mai kuɗin hannu naira 85,000, ajiyar banki 1,240,000, bashin taki da iri a wuyan mambobi 630,000, shinkafa a sito 910,000, injinan ban ruwa 735,000. Jimla 3,600,000. A ɗaya ɓangaren dillalin taki yana bin 450,000, banki yana bin 800,000, jarin mambobi 2,000,000, ribar da aka tara 350,000. Nan ma 3,600,000.

Abu na farko, da yawa ba sa tarawa da kansu. Jimlolin biyu da akawu ya buga a ƙasan takarda suke kwafewa, su ga sun yi kama, alhali wannan lissafin akawu ne, bai shaidi kwafin sakatare ba. Dole a sake tara layukan da aka kwafa, a cire jimlar da ke hoton, a ga ko sifili ya rage. A Excel, idan alƙaluman suna B2 zuwa B6, jimlar hoton kuma tana B7:

```
=SUM(B2:B6)-B7
```

Idan ba sifili ba ne, ragowar kanta tana nuna inda za a duba. An rubuta 360,000 a madadin 630,000, giɓin zai zama 270,000, kuma giɓin da juya lambobi ya haifar kullum yana rabuwa da 9 ba saura. Ko kuma a ce injinan an saye su 900,000, an rage musu 165,000 na tsufa, akawu ya sa ragin cikin baka. Baka siriri ne, yakan ɓace a hoton da aka ɗauka da hasken fitila. Sai a tara abin da ya kamata a cire, giɓi ya fito 330,000. A raba shi biyu, a nemi 165,000 a takardar.

Waɗannan kurakuran masu sauƙi ne, tunda suna tona kansu. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ke barin jimla lafiya lau. An ɗauki hoto a karkace, suna yana can hagu, adadi yana can dama, tsakaninsu fili. Ido ya zame layi ɗaya, ko manhajar da ke ciro rubutu daga hoto ta jera sunaye daban, alƙaluma daban. Sai 910,000 ta koma gaban bashin mambobi, 630,000 ta koma gaban shinkafa. Jimla tana nan 3,600,000, ko kwabo bai motsa ba.

Amma ƙungiyar da ke kan wannan kwafin wata ce daban. An ɗora wa mambobi bashin 280,000 da ba su ci ba, kuma shinkafa ta wannan adadin ta ɓace daga lissafi, yadda ko an fitar da buhuna daga sito takarda ba za ta nuna ba. A ƙasar da kogi ke cika ya tumbatsa a watan Agusta da Satumba, kamar yadda ambaliyar 2022 ta yi wa gonakin Jigawa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Shinkafar sito ana iya sayar da ita gobe a kasuwar Haɗejiya a biya dillali. Bashin manomin da ruwa ya cinye gonarsa kuwa sai noman rani, in Allah ya sa an dace. Shugaban da ya karanta kwafin zai zaci hannunsa ya fi haka ƙuntata, ya matsa wa mutanen da ba su da laifi.

Don haka bayan jimla sai an bi layi-layi. A shimfiɗa takardar, a riƙe waya a samanta sosai, cikin hasken rana, a tura hoton a matsayin fayil don kada WhatsApp ya rage masa kaifi. A ƙirga layukan hoto da na kwafi. Mutum ɗaya ya karanta suna da adadinsa tare, da ƙarfi, wani yana bi da yatsa. Adadin da ya dishe kada a cike shi da abin da zai sa jimla ta fito, a bar gurbinsa a kira akawu. Daga nan a gwada 1,240,000 da takardar banki, a gwada 630,000 da littafin bashi, sannan ma'aji ya ɗauki makulli a je sito a ƙirga buhuna.