Titin da Ke Ƙyalƙyali Daga Nesa

A wasan tseren mota na kwamfuta, wani lokaci sai ka ga titin da ke can nesa yana ƙyalƙyali, kwalta da ƙasa suna ɓullowa bi da bi. Masu gwajin wasa kan rubuta wa masu zane rahoto a kansa da sunan `z-fighting`.

Rahoto mai amfani yakan faɗi wurin da nisan: a ce an ɗora titin santimita 2 bisa ƙasa, matsalar kuma ta bayyana a mita 500. Dalilin shi ne kwamfuta tana auna nisan kowane ɗigo domin ta san wanda ke gaba, amma awon yana rage kaifi da nisa. Da ma'ajin nisa mai bit 24, idan `Near` na kyamara yana mita 0.1, a mita 500 ba ta bambance tazarar da ta gaza kusan santimita 15. Ina santimita 2 za ta kai?

Mayar da `Near` mita 1 yakan sauko da tazarar zuwa santimita 1.5, sai dai gaba kaɗan matsalar za ta dawo. A ganina, gara masu zane su yanke ƙasar da ke ƙarƙashin titin gaba ɗaya.