Sanarwa ɗaya, masu karatu biyu

Duk lokacin da banki ya sabunta manhajarsa, akan fitar da 'yar sanarwa mai bayyana abin da ya canza. A Google Play tana fitowa ƙarƙashin What's new, inda aka ƙayyade mata haruffa 500 kacal a kowane harshe. Saboda wannan ƙunci ne bankuna da yawa suke rubuta “mun gyara kurakurai” su yi shiru, alhali wannan bai gaya wa kowa komai ba.

A ɗauki gyara guda: a da, idan intanet ta katse ana tsakiyar tura kuɗi, manhaja takan nuna cewa kuɗin bai tafi ba, alhali an cire shi. Mai shago a kasuwar Kantin Kwari sai ya sake turawa, ya biya sau biyu. Abin da yake buƙatar gani a sanarwa gajere ne: yanzu manhaja za ta nuna masa ana kan aiki, ya duba tarihin hada-hadarsa kafin ya sake turawa.

Ma'aikaciyar da ke amsa kiran abokan hulɗa kuwa tana buƙatar fiye da haka. Dole ta san lambar sigar da gyaran ya shiga, domin sabuntawa ba ta isa ga kowa rana ɗaya. Sau da yawa kaɗan daga cikin wayoyi ake fara ba ta. Shi ya sa tambayarta ta farko ita ce: “Alhaji, wace siga ce a wayarka?” Idan tsohuwa ce, matsalar tana nan. Idan sabuwa ce kuma ta sake faruwa, sai ta karɓi lambar shaidar turawar ta miƙa wa injiniyoyi.