Bin Sawu da Gwaji: Yaushe Odita Yake Dogara da Matakan Kariya na Kamfani?

Kamfanin da ke biyan kuɗi sau dubbai a shekara, ba odita da zai iya duba takardunsa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa yakan fara da tambaya: shin matakan da kamfanin ya kafa don tare kuskure da almundahana abin dogaro ne? Ayyuka biyu ke ba shi amsa, bin sawu da gwajin matakan kariya, kuma sau da yawa ana ɗaukar su abu ɗaya.

A ce wani kamfanin sarrafa shinkafa yana da doka cewa ba a biyan mai kawo kaya sai akanta ya haɗa takardu uku, wato takardar oda, takardar karɓar kaya daga sito, da takardar neman biya, ya ga sun dace, sannan manaja ya sa hannu a baucha. A bin sawu, odita yakan ɗauki ciniki guda, misali sayen buhu 600 na shanshera, ya bi shi tun daga oda har shigarsa littafin asusu. Zai tsaya a sito ya ga yadda ake ƙirga buhuna, ya tambayi akanta abin da yake yi idan oda ta ce 600 amma sito ya ce 580. Da haka zai gane ko dokar ta isa ta tare ɓarna, da ko an fara aiki da ita ko a takarda kawai take. A nan ne yakan gano, alal misali, cewa mai rubuta oda shi ne kuma mai karɓar kaya. Idan haka ne, tsarin ya gurgunce tun daga tushe, gwada shi ɓata lokaci ne.

Sai dai ciniki guda shaidar rana guda ce. Bai nuna abin da ya faru lokacin da manaja ya tafi hutu ba, ko a kakar girbi da motoci suka yi layi a ƙofa. Gwaji ne ke nuna ko matakin ya yi aiki a duk tsawon shekara, ta hannun wanda ya dace. Odita zai zaɓi baucha daga dukan watanni, ya duba sa hannu da kwanan wata, ya sake haɗa takardun uku da kansa. Sake haɗawar ita ce ƙashin bayan aikin, domin manaja na iya sa hannu bai karanta ba. Ƙa'idar duniya ta binciken kuɗi mai lamba 330 ta fayyace cewa tambayar ma'aikata kaɗai ba ta isa shaida ba.

Baucha nawa za a ɗauka? A ce kamfanin yana da 4,000 a shekara, odita kuma yana son tabbacin kashi 95 cikin ɗari cewa saɓa doka bai wuce kashi 5 ba. Lissafi ya ce ya zaɓi 59 ba tare da son rai ba, kuma kada a sami ko ɗaya da ta saɓa. Idan ɗaya ta fito an biya ta kafin manaja ya sa hannu, iyakar saɓawar da za a iya zato ta haura kashi 7. Ko da kuɗin da aka biya daidai ne, an dai tsallake matakin. Dole ya binciki dalili, sannan ko ya ƙara yawan abin da yake gwadawa, ko ya nemi wani matakin da ke toshe giɓin, ko ya janye dogaro.

Don haka dogaro yana da sharuɗɗa: tsarin ya dace, ana aiki da shi, gwaji kuma ya tabbatar da shi a duk lokacin da ake son dogara da shi. Idan a watan Satumba aka yi gwajin, sai an nemo shaidar sauran watannin. Ƙa'idar ta yarda a yi amfani da gwajin bara idan an tabbatar matakin bai canza ba, amma a sake gwada shi aƙalla sau ɗaya cikin kowane bincike uku. Inda haɗarin yake babba, kamar inda ake tsoron zamba, a shekarar ake gwadawa.

Ribar dogaro ita ce rage yawan binciken alkaluma kai tsaye, irin su ƙirga kayan sito da neman tabbaci daga masu bin kamfani bashi. Ba ya soke shi. Ma'aikata biyu na iya haɗa baki, shugaban kamfani na iya umartar a biya ba takarda, don haka duk asusu mai nauyi sai an taɓa alkalumansa, komai kyan sakamakon gwajin.